Yadda ake ƙara wa tsohon abokin hulɗa kuɗin aiki ba tare da ya gudu ba

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita a Abuja ya tashi daga kusan naira 195 zuwa 617 cikin watanni biyu. Direbobi masu jigilar ɗalibai sun rasa yadda za su tunkari iyayen da suka daɗe suna hulɗa da su.

A ɗauka direba yana kai yaro daga Kubwa zuwa Wuse a kan naira 30,000 duk wata, kuma 10,000 daga ciki kuɗin mai ne. Mai ya ninka sau uku, don haka ƙarin da zai iya kafa hujja a kansa 20,000 ne. Idan ya nemi 90,000, uban yaro zai yi lissafi, kuma amana ta zube.

Lokacin magana shi ne farkon hutu, ba ranar biyan kuɗi ba. Ya nuna lissafin, ya raba ƙarin gida biyu: 40,000 wannan zango, 50,000 na gaba.

Wanda ya tsaya ciniki yana son a ci gaba. Wanda ya amsa da “to” ya yi shiru, shi ya kamata direba ya sake kira kafin a koma makaranta.