Yadda Ake Mayar da Saƙon Imel Fayil, da Abin da PDF Ke Bari a Baya

Yawancin masu amfani da Gmail sun ɗauka duk abin da ya shigo akwatinsu ya zauna ke nan har abada. Ba haka ba ne. Saƙon da aka jefa a `Trash` yana gogewa da kansa bayan kwana 30. Tun daga Disambar 2023 kuma Google yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Ga kuma abin da ya fi faruwa a wurinmu: a sace waya, lambar da aka yi rajista da ita ta tafi, mutum ya manta kalmar sirri, shi ke nan ƙofa ta rufe da takardunsa a ciki. Maganin shi ne a fitar da saƙon daga akwatin, ya zama fayil a hannun mai shi. Sai dai fayil ɗin iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa.

Mu ɗauka ɗan kasuwa ne a Kano da ya yi odar batiran sola daga wani dillali a Legas. Sun yi musayar saƙonni goma sha biyu: farashi, yawan kaya, ranar isowa, sannan dillalin ya maƙala takardar kuɗi da rasit. Kaya suka iso ba su cika ba, aka sa ranar zama don a sasanta.

Abin da zai fara buƙata shi ne takardar da zai ajiye a gaban dattawan kasuwa. A nan PDF ya dace. A kwamfuta zai buɗe saƙon, ya danna hoton firinta da ke sama ta dama, wato `Print all`, wanda ke haɗa duk musayar a jere. Idan saƙo ɗaya kawai yake so, sai ya danna ɗigo uku da ke gefen wannan saƙon ya zaɓi `Print`. Shafin da zai buɗe zai tambaye shi firintar da za a tura wa. A wurin sai ya zaɓi `Save as PDF`. A wayar Android ma haka ne: ɗigo uku, `Print`, sannan `Save as PDF`. Wannan fayil ɗin ne zai kai shagon buga takardu a filashi ko ya tura ta WhatsApp. Ina roƙon mai karatu kada ya shiga imel ɗinsa a kwamfutar shago don kawai zai buga shafi biyu. Mutane da yawa suna tashi ba su fita daga asusun ba, na bayansu ya zauna ya tarar da komai a buɗe.

To amma ga inda ake yin asara. PDF hoton abin da ido ke gani ne kawai. Takardar kuɗi da rasit ɗin da aka maƙala ba sa shiga cikinsa; abin da zai fito a ƙasan shafi sunansu ne da girmansu. Ɗan kasuwarmu zai iya zuwa wurin zama da shafi takwas na gaisuwa da ciniki, alhali rasit ɗin da ake taƙaddama a kai ba ya hannunsa. Dole ya sauke kowane abin da aka maƙala daban, ya buga shi daban. Kuma wanda ya yi PDF ya goge saƙon yana ganin ya adana, ya zubar da rabin dukiyarsa.

Saboda haka saƙon da zai iya zama hujja, a ganina, a adana shi a matsayin `.eml`. A kwamfuta, cikin ɗigo ukun nan na gefen saƙo, akwai `Download message`. Fayil ɗin da zai sauko shi ne saƙon kansa ɗungurungum: rubutun, abubuwan da aka maƙala, da wasu layuka da ba a nuna wa mai karatu, waɗanda ke ɗauke da ainihin adireshin mai aikowa, da lokacin da saƙon ya fito, da na'urorin da ya ratsa kafin ya iso. Idan dillalin ya ce shi bai taɓa aiko wannan farashi ba, waɗannan layukan ne masani zai duba. Takardar da aka buga kowa na iya cewa an gyara ta. Manhajar Gmail ta waya ba ta da wannan zaɓi, sai an samu kwamfuta. Ana buɗe fayil ɗin da Thunderbird, wadda kyauta ce, ko Outlook.

Akwai tarko ɗaya da ko `.eml` ba ya tsallakewa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a cikin saƙo. Idan ya wuce, sai ya ɗora shi a Google Drive na mai aikowa ya turo mahaɗi kawai. Alamarsa ita ce ka danna ya kai ka shafin Drive. Irin wannan, ranar da mai shi ya goge, naka ma ya tafi. A sauke shi tun yana nan.

Yanzu a ce ba dillali ɗaya ba ne, saƙonnin duk masu kawo masa kaya ne na shekara biyar. Ba mai zama ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Da farko zai tara su ƙarƙashin lakabi guda, abin da Gmail ke kira `Label`, ya sa masa suna kamar Dillalai. Sai ya je `takeout.google.com`. A can zai ga an riga an zaɓi komai, har hotuna da bidiyo, don haka ya fara danna `Deselect all`, in ba haka ba datarsa ce za ta ƙare a banza. Ya gangaro ya zaɓi `Mail`, ya danna `All Mail data included`, ya cire alamar da ke cewa a haɗa duka saƙonni, ya bar Dillalai kaɗai. Daga nan `Next step`, ya bar nau'in a `.zip`, ya danna `Create export`. Ba nan take ake gamawa ba; ƙaramin lakabi mintuna ne, babban akwati na iya kai sa'o'i ko kwanaki. Idan an gama za a turo masa mahaɗi ta imel, kuma kusan mako ɗaya kawai yake yi kafin ya mutu.

A cikin zif ɗin zai ga fayil guda mai ƙarewa da `.mbox`, inda aka jera duk saƙonnin da abin da ke maƙale da su. A nan mutane ke firgita: su danna sau biyu, ko dai ya ƙi buɗewa, ko ya fito da tarin haruffa marasa ma'ana, su ce ya lalace. Lafiyarsa lau, manhajar imel yake so. A Thunderbird ana duba `Account Settings`, a ƙarƙashin `Local Folders`, a ga inda take ajiyarta a kwamfutar. Sai a rufe manhajar, a kwafa fayil ɗin can, a cire `.mbox` daga sunan kwafin, a sake buɗewa. Dillalai zai bayyana a gefen hagu kamar kowane babban fayil na saƙonni.

Takeout kwafi yake yi, ba ya goge komai, kuma saƙon da ya shigo bayan ranar ba ya ciki, sai an sake. Fayil ɗin ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya tsinci filashin zai karanta. Kafin ka goge ko da saƙo ɗaya daga akwatinka, kashe intanet, ka buɗe kwafin, ka nemi tsohon saƙo mai rasit ka ga ya buɗu. Idan ya buɗu, ka ajiye kwafi na biyu a wata na'urar daban.