Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Ranar Kasuwa

Kwamfutar da ke hasashen cinikin kanti ba ta fahimtar "14 Maris" sai an warware mata kwanan watan. Masanin bayanai yakan ciro ranar mako, ya kuma ƙara shafi mai nuna kwanakin da suka rage Salla. Wannan shafin ne ya fi amfani, domin Salla tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekarar Miladiyya, sunan wata kaɗai ba zai kamo ta ba.

Ga kantin Dambatta kuwa, sai a ba Lahadi alamar 1, sauran ranaku 0, tunda ranar kasuwa ce.

Haɗarin yana wurin ƙidaya. Matsakaicin cinikin kwana 7 dole ya tsaya a jiya. In na yau ya shiga, sakamakon gwaji zai yi kyau fiye da kima, amma hasashen gobe ya rushe.