Lissafin Kuɗin Kayan da Masana'anta ta Ƙera

Akawun masana'antar sabulu yakan fara da ɗanyen kaya. A ce shekara ta shigo da na naira miliyan 2, an sayo na miliyan 10, na miliyan 3 ya rage a rumbu: an yi amfani da na miliyan 9. Albashin ma'aikata miliyan 4 da hidimomin masana'anta miliyan 2 sun kai jimla miliyan 15. Sai a ƙara kayan da ba a gama ba na farkon shekara, miliyan 1, a cire na ƙarshenta, miliyan 2. Kuɗin ƙera kaya miliyan 14 ke nan. Kammalallen sabulun da ke rumbu ba ya shiga nan, gurbinsa lissafin kuɗin kayan da aka sayar.