Alif, Yashi da Kulorin: Yadda Ruwan Kogi Ke Zama Ruwan Famfo

Duk wanda ya tsallaka gadar Tamburawa a tsakiyar damina ya ga kalar ruwan kogin Kano: ja-jazur, ya kwaso laka daga gonaki da kwazazzabai. Irin wannan ruwan ne matatun Tamburawa da Chalawa ke ɗiba, haka ma matatar Gudel da ke bakin kogin Kwara a Yamai. Kafin ya cancanci shiga bututu sai ya bi matakai uku: a dunƙule dattinsa da alif, a tace shi da yashi, sannan a kashe ƙwayoyin cutar da suka rage da kulorin. Ɗalibin kimiyyar muhalli kan haddace su ɗaya bayan ɗaya, alhali kowanne ya jingina ne da wanda ya gabace shi. Idan na farko ya yi rauni, na ƙarshe ba ya iya rufe masa asiri.

Me ya hana lakar kwanciya?

Idan aka ɗebo ruwan kogi a bokiti aka ajiye, yashi zai nutse nan take, laka mai kauri ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i. Amma ko bayan kwana biyu ruwan ba zai washe ba. Abin da ya rage a ciki ƙwayoyin yumɓu ne ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ban da rashin nauyi, kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ragi a jikinta. Caji iri ɗaya ture juna yake yi, saboda haka ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Wannan dagulewar ita ake aunawa da ma'aunin NTU. Ruwan kogi a damina yakan kai ɗaruruwa, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya kuwa ta tsaya a 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a sauko ƙasa da 1 kafin a zuba kulorin.

Maganin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Alif ɗin da iyayenmu mata ke kaɗawa a randa shi ne aikin, kamar yadda matan karkarar Sudan ke amfani da dakakken irin zogale. Wanda ake kaiwa gidan ruwa buhu-buhu shi ne Al₂(SO₄)₃. Da ya narke, sai ya saki alminiyam mai cajin ƙari, wanda ke kashe cajin ragin da ke jikin yumɓun. Daga nan ya haɗu da bayikabonet ɗin da ke cikin ruwan ya zama wani abu mai yauƙi da ke kwashe ƙwayoyin:

Al₂(SO₄)₃ + 6HCO₃⁻ → 2Al(OH)₃ + 3SO₄²⁻ + 6CO₂

Juyawar iri biyu ce. Da farko ana kaɗa ruwan da ƙarfi na minti ɗaya ko ƙasa da haka, don alif ya game ko'ina, domin aikinsa na farko cikin daƙiƙoƙi yake ƙarewa. Sai a koma juyawa a hankali na minti 20 zuwa 30, ƙwayoyin su riƙa karo da juna suna curewa har su zama gudaji masu kama da tsinkakkiyar auduga. Idan aka ci gaba da kaɗawa da ƙarfi, gudajin farfashewa suke yi. Daga nan ruwan ya wuce babban kwarmi inda zai natsu na sa'o'i biyu zuwa huɗu, gudajin su kwanta, a janye lakar ta ƙasa.

Nawa za a zuba?

Ba a cankar awon alif, gwada shi ake yi. Mu ɗauki misalin matata mai tace lita miliyan 10 a rana, da safiyar da aka kwana ana ruwa, ma'auni ya nuna NTU 400. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai jera kwalabe shida, kowace da lita ɗaya ta ruwan kogin, ya zuba miligiram 20, 30, 40, 50, 60 da 70 na alif bi da bi. Zai kaɗa su yadda injin ke yi, ya bar su rabin awa, ya auna ruwan saman kowace. A ce ta 20 ta tsaya a 90, ta 40 ta sauko 12, ta 50 ta kai 4, ta 70 kuma ba ta fi ta 50 kyau ba. To, 50 ce awon ranar. Ƙari a kan haka asara ce, wani lokacin ma yakan juya cajin ƙwayoyin ya koma na ƙari, su sake ture juna, ruwan ya sake dagulewa.

Miligiram 50 a kowace lita, sau lita miliyan 10, ya ba da kilo 500 a rana, wato buhu goma masu kilo 50.

Sai dai lissafin bai ƙare nan ba. A tsarin haɗuwar da muka rubuta a sama, alif yana cinye bayikabonet, wanda shi ne garkuwar ruwa daga tsami. Kowane miligiram ɗaya na alif yana cin kusan rabin miligiram na wannan garkuwa, idan aka auna ta a matsayin CaCO₃. Ke nan awonmu na 50 zai ci 25. Idan ruwan na da 30 kacal, kamar yadda kan faru idan ruwan sama ya tsinka kogi, saura 5, kuma pH zai faɗi. Alif ya fi aiki tsakanin pH 6 da 7. Idan aka yi ƙasa sosai, Al(OH)₃ ba ya curewa, alminiyam ya zauna a narke. Alamar ita ce a ƙara alif amma gudajin su ƙi fitowa. Wanda bai gane ba sai ya ƙara wani buhun, abin ya daɗa lalacewa. Gyaran shi ne a zuba laim, Ca(OH)₂. Mayar da dukkan abin da alif ɗinmu ya ci zai buƙaci kimanin miligiram 18 a lita, wajen kilo 185 a rana.

Aikin yashi

Ruwan da ya baro kwarmin natsuwa ya yi haske a ido, amma da sauran ƙananan gudaji da ƙwayoyin cuta a ciki. Sai a sake shi a kan shimfiɗar yashi mai zurfin santimita 60 zuwa 75, da tsakuwa a ƙarƙashi. Ruwan na ratsawa da saurin kimanin mita 5 a awa. Matatarmu na tura mita kubik 417 a awa, saboda haka tana buƙatar filin yashi na wajen murabba'in mita 83, a raba shi gida-gida don a iya wanke ɗaya sauran na aiki.

Mutane kan ɗauka cewa ramukan da ke tsakanin yashin ne ke tare datti. Gaskiyar ita ce ramukan sun fi yawancin ƙwayoyin girma nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da ruwa ke kewaya tsakanin yashin, ƙwayoyin na karo da jikinsa su manne. Ba za su manne ba kuwa sai in alif ya riga ya kashe cajinsu, domin shi ma yashin cajin ragi gare shi. Ƙwayar da ta tsere wa alif, mai yiwuwa ne ta tsere wa yashi.

Bayan kwana ɗaya zuwa uku yashin kan toshe. Ana ganewa idan ruwa ya fara taruwa a samansa, ko NTU na ruwan da ke fita ya fara hawa. Sai a turo iska da tsabtataccen ruwa daga ƙasa zuwa sama, yashin ya motsa, dattin ya tashi ya fice. Ruwan farko bayan wankin yakan fito da ɗan datti, shi ya sa ake son a zubar da shi.

Kulorin da iyakarsa

Birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan gari a kai a kai a 1908. Ko iskarsa aka yi amfani da ita ko hodarsa, abin da ke kisan ƙwayoyin cuta ɗaya ne:

Cl₂ + H₂O → HOCl + H⁺ + Cl⁻

HOCl ⇌ H⁺ + OCl⁻

HOCl ba shi da caji, don haka yana kutsawa cikin ƙwayar cuta cikin sauƙi. OCl⁻ kuwa ya gaza shi ƙarfi ƙwarai. A pH 7.5 rabi da rabi suke. A 6.5 kusan kashi 90 cikin ɗari HOCl ne, a 8.5 bai wuce kashi 10 ba. Wanda ya cika hannu da laim tun farko ya rage wa kulorinsa kaifi.

Wani ɓangare na kulorin ƙarewa yake yi wajen haɗuwa da ƙarfe da amoniya da ruɓaɓɓen ganye. A ce mun zuba miligiram 2 a lita, bayan minti 30 muka tarar da 0.7. Ruwan ya ci 1.3 ke nan, ragowar 0.7 ta cika sharaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya: aƙalla 0.5 bayan minti 30 a pH ƙasa da 8, da 0.2 a bakin famfo. A rana kilo 20 na kulorin ke nan, ko kimanin kilo 31 na hoda mai ƙarfin kashi 65. Ƙwayar DPD ake jefawa a samfurin ruwa; in ya yi ruwan hoda, akwai ragowa.

Idan ruwan da ya iso nan da sauran dagulewa, illa uku ke biyowa baya. Datti na ɓoye ƙwayoyin cuta a cikinsa. Yana cinye kulorin kafin ya yi aiki. Sannan haɗuwar kulorin da ragowar tsirrai na haifar da kulorofom da danginsa, waɗanda masanin kimiyya Johannes Rook ya bayyana samuwarsu a ruwan Rotterdam a 1974, ake kuma taƙaita yawansu saboda illar shan su shekara da shekaru. Maganinsu ba rage kulorin har ƙwayar kwalara ta tsira ba ne, a'a, cire dattin tun a matakin alif.

Akwai kuma ƙwayoyin da kulorin ba ya iyawa da su a awon da aka saba. A 1993, ƙwayar kiriftosiforidiyam ta ratsa ɗaya daga matatun birnin Milwaukee na Amurka, mutane sama da 400,000 suka kamu da gudawa. Ana zuba kulorin a lokacin. Abin da ya kasa shi ne dunƙulewa da tacewa, kuma alamar ta bayyana a ma'auni: dagulewar ruwan da aka tace ta hau har NTU 1.7, adadin da ido ba zai ɗauka da muhimmanci ba.

Saboda haka ɗalibin da zai rubuta bayanin waɗannan matakai ya bi lambobi uku daga bakin kogi zuwa bakin famfo: NTU, pH da ragowar kulorin. Ya nuna yadda awon alif ke taɓa pH, yadda pH ke taɓa ƙarfin kulorin, da yadda dagulewa ke shafar duka biyun. Kada kuma ya tsaya a ƙofar matata. A garuruwanmu da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, bututun da ya bushe yakan zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage, kuma ragowar kulorin ɗin nan ta 0.2 ita kaɗai ce kariyar da ta rage, ba ta da ƙarfin da za ta yi wa ƙazanta mai yawa. Ma'aikacin da ya auna alif daidai da safe shi ya ba wannan ragowar damar isa unguwar da ke ƙarshen layi.