Yadda ƙa'idar bincike ke zama inji mai zango uku

Masu shirya manhaja kan nemo kalmomi a rubutu da gajeriyar ƙa'ida da suke kira rejes. Ana iya mayar da ita inji mai zanguna ƙididdigaggu, wanda ke karanta harafi ɗaya ya bi kibiya ɗaya.

Ɗauki `ab*c`. Nufinta: `a` guda, sai `b` ko nawa ne, ko ma babu, sannan `c`. Zana zango uku, kowane harafi da kibiyarsa. Tauraron nan shi ke sa kibiyar `b` ta juyo inda ta fito:

```
0 --a--> 1
1 --b--> 1
1 --c--> 2
```

Bi `abbc` da yatsa: 0, 1, 1, 1, 2. Haruffa sun ƙare a zangon ƙarshe, an karɓa. `aba` kuwa ta maƙale a 1, don babu kibiyar `a` can.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne `a*b*`. In ya ɗora madawwaran kibiyoyin biyu kan zango ɗaya, injin zai karɓi `ba`, alhali ƙa'idar ta hana. Hanyar da Ken Thompson ya wallafa a 1968 na magance wannan: kowane yanki da zangunansa, sai a haɗa su da kibiya marar harafi, wadda ake bi ba a karanta komai ba.