Tambaya da Amsa: Ƙwan LED da Rasistarsa

Me ya sa ƙwan LED ke buƙatar rasista?

Domin ba ya iya taƙaita wa kansa wutar da ke ratsa shi. Kowane ƙwan LED yana da ƙarfin wutar da yake kamawa a kai: ja wajen bolt 2, fari da shuɗi kuwa wajen bolt 3. Ƙasa da haka ba ya haske. Amma da zarar an ɗan zarce wannan iyaka, sai wutar ta kwararo kamar an fasa madatsar ruwa. Ƙwan ya yi zafi, zafin kuma ya ƙara buɗe wa wutar hanya, har ya ƙone. Rasistar da aka jera a layi ɗaya da shi ita ke ɗauke rarar bolt ɗin, ta tsayar da kwararar a gwargwadon da ake so. Ƙananan ƙwayaye masu faɗin milimita 5 galibi ba a so su wuce miliamfiya 20.

Yaya ake lissafin girmanta?

Da dokar Ohm. A cire bolt ɗin ƙwan daga na batir, a raba abin da ya rage da kwararar da ake so, a ma'aunin amfiya:

```
R = (Vs - Vf) / I
```

A ɗauki jan ƙwai da za a sa wa batirin sola mai bolt 12, ana son miliamfiya 15, wato amfiya 0.015. An cire 2 daga 12, saura 10. An raba 10 da 0.015, an sami om 667. Ba a cika samun wannan adadi a kasuwa ba, sai a ɗauki na sama da shi, om 680, mai zoben shuɗi, ruwan toka da ruwan ƙasa. Mantawa da mayar da miliamfiya zuwa amfiya kan ba da amsar da ta gaza sau dubu.

Shi ke nan an gama?

Da saura, kuma nan ne ake yawan yin sakaci. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan kai 14.4 lokacin caji. Sai rarar ta koma 12.4, kwararar ta hau zuwa miliamfiya 18. Ƙwan zai jure, amma rasistar fa? Zafin da take fitarwa shi ne rarar bolt sau kwarara, kusan wat 0.23, dab da iyakar rasista mai rubu'in wat. Mai rabin wat ta fi dacewa. Rasistar da ta yi baƙi ko take ƙaurin ƙuna, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ne.

A wace ƙafa ake sa ta?

Kowace, tunda wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Ƙwan ne ke da gaba da baya: doguwar ƙafarsa ce ke fuskantar bakin batir mai alamar +.