Ko ka sani? Sifikar da ke kunna talabijin ba ita ke taɓa shi ba

A ɗauki wani dattijo a Goronyo da ido ya yi wa rauni, ba ya ganin lambobin rimot. Duk bayan Isha'i sai ya kira jika: "Kai, zo ka sa mini labarai." Yau akwai 'yar sifika, irin Echo da Amazon ya fitar a 2014 ko Google Home ta 2016, da zai yi wa magana daga kan tabarmarsa, talabijin ya kama. Sai dai ita sifikar kunne ce kawai. Da ta ji sunanta, sai ta naɗi maganar ta tura ta intanet, can a gane abin da ake nufi a maido umarni. Shi ya sa idan data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, ko ka yi ta kira ba abin da zai motsa.

To wa ke kai saƙon ga talabijin? A tallan da ake gani, wayar HDMI ce: cikin filoli 19 na bakinta, na 13 shi ke ɗaukar umarnin kunnawa da kashewa. Sunan tsarin CEC, amma Samsung na rubuta shi Anynet+, LG kuma SimpLink. Wannan na mai kallo ta intanet ne. A gidajen Wurno da Rabah da Goronyo tashoshi a cikin dikoda suke, ta StarTimes ko ta dish ɗin da ba a biyan kuɗin wata, kuma irin waɗannan dikododi yawanci rimot kaɗai suke saurara.

Don haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne ɗan aike mai kwaikwayon rimot, kamar BroadLink RM4 mini, wanda bai kai kofin shayi girma ba. Rimot da haske yake magana, hasken da idon mutum ba ya gani. Nuna bakinsa ga kyamarar waya ka danna maɓalli, a wayoyi da yawa za ka ga ɗigon haske yana ƙyaftawa. Kowane maɓalli da irin ƙyaftawarsa, ita na'urar ke haddacewa ta maimaita.

Ga yadda jikan zai haɗa wa dattijon. Zai sa sifika da na'urar kan MiFi ɗin gida, ya tabbatar yana kan 2.4 GHz, domin na'urar ba ta ganin 5 GHz, kuma nan mutane da yawa ke maƙalewa su ɗauka kayan ne ba su da kyau. Sai ya buɗe manhajar BroadLink, ya nuna rimot ɗin dikoda ga na'urar, ya koya mata maɓallin wuta da lambobi 0 zuwa 9 ɗaya bayan ɗaya, ya yi haka da rimot ɗin talabijin, sannan ya haɗa asusun da manhajar Alexa ta sifikar Echo. Alexa ba ta jin Hausa, abin da ke min ciwo ke nan, tunda masu buƙatarta su ne irin wannan dattijo. Dabarar ita ce sashen Routines: a zaɓi gajeruwar kalma mai sauƙin faɗa, a jingina mata jerin aiki.

```
Alexa, TV news
```

Da jin wannan, talabijin ya kunna, dikoda ta kunna, a jira daƙiƙa goma ta gama farkawa, sannan a tura lambar tasha. A ce lambar 138 ce. Idan aka tura lambobin a guje, dikoda na iya tsallake 3 ta faɗa tasha ta 18. Idan kuma tazarar ta yi yawa, sai ta tafi tasha ta 1 kafin 3 ta iso. Kusan rabin daƙiƙa tsakaninsu shi ne wurin fara gwaji.

Babbar matsalar ita ce na'urar tana faɗa ne, ba ta jin amsa. A yawancin rimot maɓalli ɗaya ne ke kunnawa ya kashe. Wata dikodar da an kawo wuta take kunna kanta, talabijin kuwa yana jira a taɓa shi. Dattijo ya yi magana, sai talabijin ya kama, dikoda ta mutu, allo ya rubuta No Signal. Ganin wannan rubutu bayan dawowar wuta shi ne alamar. Maganinsa a cire maɓallin wutar dikoda daga jerin, a bar ta kullum a kunne, ko a ɗora duka kayan kan batirin sola don kada su san an ɗauke wuta.

Kuma a duba inda aka ajiye na'urar, domin haskenta ba ya ratsa bango. Ƙyallen leshin da uwargida ke lulluɓe dikoda da shi saboda ƙurar hunturu, a ɗage shi daga gaba, a goge 'yar tagar baƙin gilashin da ke fuskarta.